Harshen Damo a Kusurwar Fuloti

A Kolere, haka kuma a Lokuwa da Yelwa da Sabon Layi da sauran unguwannin Mubi, idan ana cinikin fili, kalmomin da ke fara fita daga bakin dillali su ne "hamsin da ɗari". Ƙafa hamsin ke nan ta fuskar titi, ƙafa ɗari kuma zuwa ciki. Mai saye na jin haka sai ya shimfiɗa filin a zuciyarsa da kusurwoyi huɗu, kowacce a tsaye cak, digiri 90 babu ragi babu ƙari. Sai dai ba wanda ya gaya masa haka. Lambobin nan biyu sun faɗi tsawon gefe biyu, sun ja bakinsu sun yi shiru game da kusurwar da ke tsakaninsu. A sabon yanka da aka fitar da layuka da na'ura, shirun ba ya cutarwa sosai. A tsohuwar unguwa, inda lungu ke haɗuwa da titi a karkace, kuma katangar maƙwabci ta riga kowa tsayawa, a cikin shirun nan ne rigimar iyaka take kwana.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kafa turaku. Ka kafa huɗu, ka zagaye su da igiya: hamsin, ɗari, hamsin, ɗari. Kana iya tura turaku biyu na baya zuwa dama ko hagu, igiyar ba za ta tsinke ba, kuma tsawon kowane gefe yana nan yadda yake. Gefe huɗu ba sa ɗaure siffa. Gefe uku kuwa suna ɗaure ta tamau. Da zarar an san tsawon gefe uku na alwatika, kusurwoyinta uku ba su da sauran wurin motsi. Shi ya sa magini mai hankali, kafin a haƙa harsashi, yake cewa yaronsa, "Kai, riƙe bakin tef ɗin nan, mu ɗauko daga dungu zuwa dungu." Wannan ma'auni na uku ya raba filin gida biyu, kowane gida alwatika.

Idan kusurwar a tsaye take, lissafin sananne ne. Hamsin sau hamsin 2,500, ɗari sau ɗari 10,000, a haɗa su 12,500. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 111.8. Tef ɗin da ya nuna ƙafa 111.8 ya shaida cewa kusurwa lafiya take. Wannan ita ce ƙa'idar Fitagoras, wadda magina ke aiki da ƙaramar siffarta ta uku, huɗu, biyar. Amma ƙa'idar tana da amsa biyu kacal: e, ko a'a. Idan tef ya nuna wani abu dabam, iyakar abin da za ta ce shi ne kusurwar ba a tsaye take ba. Nawa ta karkace, kuma ta wane ɓangare, wannan aikin ƙa'idar kosayin ne:

c² = a² + b² − 2ab cos C

A nan a da b su ne gefe biyun da suka haɗu suka yi kusurwar C, shi kuma c shi ne gefen da ke fuskantarta. Rabin farko maganar Fitagoras ce ba a taɓa ta ba. Rabin ƙarshe, 2ab cos C, shi ne gyaran da ake yi mata saboda karkata. A digiri 90 kosayin sifili ne, gyaran ya ɓace, tsohuwar magana ta tsaya ita kaɗai.

Mu ɗauka filin namu yana bakin wani lungu a Kolere, an ja tef daga dungu zuwa dungu ya nuna ƙafa 125. Ninka 125 da kanta, 15,625. Ya zarce 12,500 da 3,125. Tun kafin a taɓa kalkuleta, wannan rarar ta riga ta yi magana: kusurwar ta buɗe fiye da digiri 90, domin buɗewar kusurwa ita ke nisanta ƙarshen gefe biyun. Don a san adadin, sai a juya ƙa'idar:

cos C = (a² + b² − c²) ÷ 2ab

Sama ya zama 12,500 a ɗebe 15,625, wato −3,125. Ƙasa kuma biyu sau hamsin sau ɗari, 10,000. Amsa −0.3125. A danna cos⁻¹ a kalkuleta, ta ba da digiri 108.2.

Ya kamata a tsaya a kan wannan lamba, −0.3125, domin ba lamba ce ta takarda kawai ba, tana da jiki a ƙasa. Ka tsaya a dungun filin, ka miƙa layi a tsaye daga titi zuwa ciki, inda katanga za ta bi da a ce kusurwar daidai take. Katangar gaskiya, mai ƙafa ɗari, ta kauce wa layin nan. A ƙarshenta, kaucewar ta kai ɗari sau 0.3125, wato ƙafa 31 da kwata. Kosayin shi ne kaucewar kowace ƙafa ɗaya ta katanga, alamar ɗebewar da ke gabansa kuma tana nuna cewa waje ta kauce, ba ciki ba. Ninka ƙafa 31 da kwata da hamsin ɗin bakin titi, ka ninka biyu, sai ga 3,125 ɗin nan ta dawo. Da wannan siffa Uƙlidus ya rubuta ƙa'idar a littafi na biyu na babban aikinsa, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ba tare da ambaton kosayin ba. Kuma jumla biyu ya yi mata, ta 12 don kusurwa mai buɗewa, ta 13 don mai tsukewa, saboda lissafinsa bai san lambar da ke ƙasa da sifili ba. Abin da ya raba gida biyu, alamar ɗebewa ta haɗe shi a layi ɗaya. Jamshid Alkashi, wanda ya yi aiki a Samarƙandi a inuwar sarki Ulug Beg, ya kawo ta cikin siffar da ta dace da jadawalin kusurwoyi a littafinsa Miftahul Hisabi na 1427. Littattafan makaranta na Faransanci da sunansa suke kiran ta har yau, don haka ɗalibin Mubi da takwaransa na Marwa ko Garwa, a ƙetaren duwatsun Mandara, layi ɗaya suke haddacewa da suna biyu.

To, ina 'yar'uwarta, ƙa'idar sayin? Ita cewa take:

a ÷ sin A = b ÷ sin B = c ÷ sin C

Ma'ana, kowane gefe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sayin kusurwar da ke fuskantarsa. Nasiruddin Aɗɗusi ya fayyace ta a ƙarni na 13. Gajeriya ce, ba ta da ninka lamba da kanta, shi ya sa ɗalibai ke rububinta a zauren jarrabawa. Amma tana da hali guda da ya kamata a sani kafin a ba ta amana.

Mu koma filinmu. A ce ɗalibi ya fara da ƙaramar kusurwa, wadda ke fuskantar gefen hamsin. Ya yi ta da ƙa'idar kosayin: 10,000 da 15,625, a ɗebe 2,500, saura 23,125. A raba da 25,000, ya samu 0.925, wato digiri 22.3. Har nan babu kuskure. Yanzu yana da gefe da kusurwar da ke fuskantarsa, sai ya ce bari ya huta, ya nemi kusurwar dungun da ƙa'idar sayin. Sayin digiri 22.3 shi ne 0.38. Ya ninka da 125, ya raba da hamsin, ya samu 0.95. Ya danna sin⁻¹, kalkuleta ta ce digiri 71.8. Fili ɗaya, tef ɗaya, dungu ɗaya, amma ɗazu 108.2, yanzu 71.8.

Kalkuletar ba ta yi ƙarya ba, gaskiya ta faɗa rabi. Sayin tsayi yake aunawa, wato yadda ƙarshen katanga ya yi nisa da layin titi. Katangar da ta kauce ƙafa 31 zuwa waje da wadda ta kauce ƙafa 31 zuwa ciki, dukansu ƙafa 95 suka nisanta daga titi. Saboda haka 0.95 amsa ce mai harshen damo: tana nufin 71.8, tana kuma nufin 108.2, waɗanda in an haɗa su suke cika 180. Kalkuleta kuwa an gina ta ne ta bayar da amsar da ba ta wuce 90 ba, ko da kuwa ɗayar ce ake nema. Kosayin ba shi da wannan hali a cikin alwatika. Daga sifili zuwa digiri 180 sauka kawai yake yi, daga 1 zuwa −1, ba ya maimaita lamba. Kowace kusurwa da nata kosayin, kowane kosayin da tasa kusurwa.

Ta yaya ɗalibin zai kama kuskurensa ba tare da malami ya ja masa jan biro ba? Ya ƙarasa alwatikar ya duba. Idan dungun 71.8 ne, ƙaramar kuma 22.3, abin da ya rage wa ta uku 85.9 ne. Ke nan kusurwa mafi girma tana fuskantar gefen ɗari, alhali gefen 125 ya fi shi tsawo. Wannan ba ya yiwuwa. A kowace alwatika, gefe mafi tsawo shi ke fuskantar kusurwa mafi girma. Da amsar gaskiya kuwa komai ya jeru: 22.3 ga hamsin, 49.5 ga ɗari, 108.2 ga 125. Daga nan dabarar aiki ta fito. Alwatika ba ta ɗaukar kusurwa mai buɗewa fiye da guda, kuma in akwai ta, gefe mafi tsawo take fuskanta. Don haka idan gefe uku kake da su, ka fara da wannan babbar kusurwar, ka neme ta da kosayin. Sauran biyun dole ƙasa da 90 suke, sayin ba shi da inda zai ruɗe ka a kansu.

Kada a ɗauka wannan hali na sayin aibi ne a ko'ina. Akwai tambayar da ba ta damu da ɓangaren karkata ba, ita ce tambayar girman fili. Idan gefunan filin nan biyu-biyu suke tafiya a jere, girmansa hamsin ne sau ɗari sau 0.95, murabba'in ƙafa 4,750 ke nan maimakon 5,000. Mai saye ya biya kuɗin dubu biyar, 250 ba su taɓa kasancewa a ƙasa ba, kuma ko dama filin ya karkata ko hagu, asarar ɗaya ce. A nan sayin ya faɗi duk abin da ake bukata. Rashin bambancewarsa yana zama matsala ne kawai idan tambayar ita ce ina katanga za ta bi.

Zaɓi tsakanin ƙa'idojin biyu ba ya farawa da wacce ta fi sauƙi. Yana farawa da kallon abin da ke hannunka. Ƙa'idar sayin ba ta tashi sai da gefe da kusurwar da ke kallon juna, duka biyun an san su. In babu irin wannan tagwaye, kowane ɓangare nata yana ɗauke da abin da ba a sani ba, ba ta da inda za ta dafa. Hakan ke faruwa idan gefe uku ne kawai a hannu, kamar filinmu, ko gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu.

Wannan na biyun shi ne halin wanda tef ɗinsa ba zai iya ratsawa ba. A ce ana son nisan turaku biyu, amma gini ya tsaya a tsakiya. Safiyo ya koma gefe, inda yake hango duka biyun. Zuwa na farko mita 60, zuwa na biyu mita 80, kusurwar da ke tsakanin layukan biyu digiri 60, kosayinta rabi. 3,600 da 6,400 sun cika 10,000. Biyu sau 60 sau 80 ya ba da 9,600, rabinsa 4,800. A ɗebe, saura 5,200, nisan kuwa mita 72.1. Kuskuren da aka fi yi a nan na gaggawa ne: mutum ya ɗebe 9,600 daga 10,000 tukuna, sannan ya ninka ɗari huɗun da ya rage da rabi, ya ƙare da mita 14.1. Amsar da kanta tana tona asirinta. Gefe na uku ba zai gaza bambancin sauran biyun ba, ba kuma zai wuce jimlarsu ba, don haka dole ya faɗa tsakanin mita 20 da 140. Haka ma ya kamata a leƙa saman fuskar kalkuleta a ga D ko DEG kafin a fara, domin in tana kan RAD, 60 ɗin da aka danna ba digiri take karanta shi ba.

Ita kuma ƙa'idar sayin gidanta shi ne inda kusurwoyi suka yi yawa, gefe ya yi ƙaranci. Kogin Yadzaram, wanda ke ratsa Mubi ya nufi arewa, a damina ba a ja masa tef. Mai son sanin nisan wata bishiya a wancan ƙetare sai ya auna mita 100 a gaɓar da yake tsaye, ya hangi bishiyar daga ƙarshe biyun, ya samu digiri 60 a nan, 70 a can. Abin da ya rage wa kusurwar bishiyar 50 ne, ita ce kuma ke fuskantar mita ɗarin da ya auna. Tagwaye sun samu. Nisa daga turken digiri 60 zuwa bishiyar shi ne ɗari sau sayin 70, a raba da sayin 50, wato ɗari sau 0.9397 a raba da 0.7660, mita 122.7. Babu harshe biyu a nan, saboda daga kusurwa aka tafi zuwa sayin. Ruɗun yana zuwa ne a hanyar dawowa, daga sayin zuwa kusurwa.

Kowace daga cikinsu tana da wurin da jinta ke raguwa. Kusa da digiri 90 sayin kusan ba ya motsi: na 88 shi ne 0.9994, na 89 kuma 0.9998. Wanda ya datse lambobinsa zuwa gida biyu ya shafe bambancin gaba ɗaya. A daidai wurin ne kosayin ya fi kaifi. A fulotin hamsin da ɗari, idan tef ya nuna 112.8 maimakon 111.8, ƙafa ɗaya tak, kusurwar ta koma digiri 91.3, ƙarshen katanga kuma ya kauce fiye da ƙafa biyu. Wannan kaifin yana yanka ta baki biyu, domin tef ɗin da ya yi lanƙwasa a kan tarin yashi shi ma zai ƙara ƙafa ɗayan nan, ya ɗora wa fili laifin da ba nasa ba. A ja shi da ƙarfi, a kuma auna tsakanin sauran dungu biyun don shaida. A ƙananan kusurwoyi abin yana juyawa: kosayin digiri 1 da na digiri 2 su ne 0.9998 da 0.9994, don haka siririyar kusurwa da sayin ya fi kyau a neme ta.

Saura hali guda, wanda ya fi sauran zurfi: gefe biyu da kusurwar da ba a tsakaninsu take ba. A ce wani layin iyaka ya tashi daga dungu, ya rabu da titi da digiri 30. A kan titin, ƙafa ɗari daga dungun, akwai turke. Tsohuwar takarda ta ce daga turken nan zuwa dutsen iyaka da ke kan layin ƙafa 60 ne, dutsen kuma ruwa ya tafi da shi. Ƙa'idar sayin ta ba da ɗari sau rabi a raba da 60, wato 0.833, wanda ke nufin kusurwar da ke wajen dutsen digiri 56.4 ce ko 123.6. Wannan karon gwajin ɗazu ba zai kori ko ɗaya ba. Ko wacce ka ɗora a kan talatin ba ta kai 180 ba, kuma ko wacce ta fi talatin, kamar yadda ɗari ya fi 60. Mai ganin laifin sayin ne sai ya ruga wajen kosayin. Ita ma, da aka saka lambobin, amsa biyu ta bayar game da nisan dutsen daga dungu: ƙafa 53.4 ko ƙafa 119.8. Ɗaura igiyar ƙafa 60 a turken ka zagaya da bakinta, za ka ga ta taɓa layin a wuri biyu, ƙafa 66 da ɗoriya tsakaninsu. Da a ce igiyar hamsin ce, wuri ɗaya za ta taɓa. Da ta gaza hamsin, ba za ta kai layin ba sam, kuma kalkuleta za ta nuna kuskure don sayin ya wuce 1. Da ta kai ɗari ko ta wuce, amsa ɗaya ce za ta rage.

Ashe amsa biyu iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A filin farko, ma'aunai uku sun riga sun ɗaure alwatikar, amsar guda ce, sayin ne ya kasa furta ta sarai. Maganin can shi ne canja ƙa'ida. A na ƙarshe kuwa alwatika biyu ne na gaskiya suka dace da takardar, kuma duk wanda ya zo da amsa guda, zaɓa ya yi, ba lissafi ba. Maƙwabta biyu na iya tsayawa a gaban mai unguwa, ɗaya na nuna ƙafa 53, ɗaya na nuna ƙafa 120, kowa da takarda ɗaya a hannu, ba kuma wanda ya yi ƙarya. Canja ƙa'ida ba zai raba su ba. Abin da zai raba su ƙarin bayani ne guda daga wajen takardar: nisan dutsen daga wani turke na dabam da bai gusa ba, ko tsohon harsashi a ƙarƙashin ƙasa, ko dattijon da zai iya cewa dutsen yana gaban rijiya ne ko bayanta. Ba sai bayanin ya zama daidai da inci ba, tunda ƙafa 66 ke tsakanin amsoshin biyu, ya isa ya nuna wacce ce.